Zaɓen da ba a rubuta ba: yadda ake ajiye sakamako a babban taron ƙungiya

 Ina gaida mutanen Ƙauran Namoda, da na Shinkafi, da na Zurmi, da duk wanda ke bin mu daga nesa. Yau maganar tamu a kan sakatare ce da bironsa, wato abin da ya kamata a rubuta ranar da ƙungiya ta kira babban taro don zaɓen shugabanni. Na san wani zai ce wannan ai ƙaramin abu ne. To, ka ɗan saurara tukuna.

Bari mu fara da abin da ya faru a jiharmu, wanda kowa ya gani da idonsa. A 2018 hukumar zaɓe ta INEC ta sa ranar 7 ga Oktoba a matsayin ranar ƙarshe da jam'iyyu za su kammala zaɓen fid da gwani. A Zamfara jam'iyyar APC ta rabu gida biyu. Ɓangaren gwamna na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya ce an yi zaɓen. Ɓangaren Sanata Kabiru Marafa da sauran 'yan takara suka ce ba a yi ba. INEC ita ma ta ce ba a yi ba, saboda haka ba za ta karɓi sunaye ba. Aka shiga kotu, aka yi ta ja, har dai sunayen suka hau takardar ƙuri'a. Aka yi babban zaɓe a 2019, ɗan takarar gwamna na APC, Mukhtar Shehu Idris, ya samu ƙuri'a sama da dubu 500, shi kuma Bello Matawalle na PDP bai kai dubu 200 ba.

Ranar 24 ga Mayu 2019, saura kwana biyar a rantsar da sabon gwamna, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa APC ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, don haka ba ta da 'yan takara, kuma duk ƙuri'un da aka jefa mata sun tashi a banza. Kujerar gwamna ta tafi, da sanatoci uku, da 'yan majalisar wakilai bakwai, da kujerun majalisar jiha. A nan shiyyarmu ta Zamfara ta Arewa, wato Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da Birnin Magaji, Sahabi Alhaji Ya'u na PDP ne ya tafi majalisar dattawa.

Ba siyasar jam'iyya na zo yi ba, kuma ban ce takarda kawai aka rasa a waccan rigima ba. Amma ku duba tambayar da kotu ta tsaya a kai. Ba ta tambayi wa mutane suka fi so ba. Ta tambayi shin an fitar da ɗan takarar ta hanyar da ƙa'ida ta shimfiɗa, kuma wanda ke da hurumi ne ya gudanar, kuma akwai shaidar da za ta tabbatar. Wannan tambayar ce dai take jiran kowace ƙungiyar matasa, ko ta ɗalibai, ko ta 'yan kasuwa, ranar da rigima ta tashi.

Ni kaina na ɗanɗana. Shekarun baya na riƙe sakataren wata ƙungiyar matasa a nan Ƙaura. Muka yi babban taro, aka ɗaga hannu, aka yi tafi, aka watse. Abin da na rubuta a littafi layi ɗaya ne: an zaɓi wane a matsayin shugaba da gagarumin rinjaye. Bayan 'yan watanni muka je banki don canza masu sa hannu a asusun ƙungiya, aka ce mu kawo bayanin taron da aka yi zaɓen. Kafin mu kai, tsohon shugaba ya riga ya rubuta cewa shi bai yarda an kayar da shi ba, waɗanda suka ɗaga hannu rabinsu ba mambobi ba ne. Aka tambaye ni mutum nawa suka halarta, na ce da yawa. Nawa suka zaɓi sabon? Na ce mafi yawa. Wallahi ni na san gaskiya, ina wurin, amma ba ni da lamba ko ɗaya da zan nuna. Kuɗin da muka tara don gyaran rijiyar burtsatse suka maƙale, ƙungiya ta dare biyu. Laifina ne, kuma daga nan na koyi aikin.

Abin da na koya shi ne, a ranar zaɓe abubuwa uku ake rubutawa, kowanne da lokacinsa: yadda aka tsayar da 'yan takara, yadda aka ƙirga ƙuri'a, da yadda aka bayyana wanda ya ci. Kuma duka ukun a gaban jama'a ake rubuta su, a lokacin da suke faruwa. Abin da ka koma gida ka rubuto da daddare tuni ya zama labari.

Zan ɗauki misali guda mu bi shi daga farko har ƙarshe. Mu ƙaddara ƙungiya ce mai mambobi 120 a rajista, kuma tsarin mulkinta ya ce taro ba ya zama sai kashi ɗaya cikin uku sun halarta, wato mutum 40.

Kafin a ambaci sunan kowa, aikin farko a bakin ƙofa yake. A ajiye rajistar mambobi, duk wanda ya zo a nemo sunansa, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Wanda ba ya cikin rajista, ko bai biya kuɗin ƙungiya ba in tsarin mulki ya sa wannan sharaɗi, zai iya zama ya kalla, amma sunansa a wata takarda daban. A misalinmu mutum 84 suka sa hannu. Sai a ja layi a ƙarƙashin suna na ƙarshe, a rubuta lokaci, a faɗa da ƙarfi cewa masu ikon jefa ƙuri'a yau 84 ne, kuma sun haura 40 ɗin da ake buƙata. Wannan lamba ita ce tushen komai. Da ina da ita a waccan shekara, da maganar tsohon shugabanmu ta mutu tun a nan.

Abu na gaba da za a rubuta shi ne wa ke gudanar da zaɓen. Shugaban da wa'adinsa ya ƙare bai kamata ya zauna kan kujerar alƙalanci ba, musamman in yana neman tazarce. Haka sakatare in yana takara, ya miƙa littafin. Taro ya naɗa kwamitin zaɓe, ko da mutum uku ne waɗanda ba sa neman komai, a rubuta sunayensu, da wanda ya kawo shawarar naɗa su, da wanda ya goyi baya. Ku tuna da Zamfara a 2018: babban ɓangare na rigimar shi ne wa ke da hurumin gudanar da zaɓen. In ba a rubuta inda kwamiti ya samo ikonsa ba, sa hannunsa a ƙarshe ba shi da nauyi.

To, yanzu tsayar da 'yan takara. Kujera ɗaya ake ɗauka a gama da ita kafin a shiga wata. Shugaban kwamiti ya ce an buɗe ƙofar tsayar da ɗan takarar shugaba, sakatare ya rubuta lokaci. Ga kowane suna abubuwa huɗu ake so: cikakken sunan wanda aka tsayar, sunan wanda ya tsayar da shi, sunan wanda ya goyi baya, da kuma amsar shi ɗan takarar, ya karɓa ko bai karɓa ba. Cikakken suna fa na ce. A garuruwanmu za ka samu Sani uku da Aminu huɗu a ɗaki guda, kuma rabinmu da laƙabi aka san mu. Rubuta sunan da ke cikin rajista, sannan ka ƙara laƙabin.

Amsar ɗan takara ita ce aka fi mantawa. Sau da yawa ana tsayar da wanda ba ya wurin, a ce ai ya yarda, ya tafi Gusau ne. In tsarin mulkinku ya ba da damar haka, a nemi yardarsa a rubuce, ko da saƙon waya ne da za a karanta a gaban taro a kwafe shi cikin littafi. In ba haka ba, gobe zai iya cewa shi bai nema ba, ko wanda ya kayar ya ce an zaɓi wanda bai tsaya ba.

Wanda ya janye ma a rubuta shi. Kada a goge sunansa kamar ba a taɓa ambatarsa ba. A rubuta cewa an tsayar da shi, ya janye da bakinsa da ƙarfe kaza. Wanda kwamiti ya hana tsayawa, a rubuta dalili da sashen tsarin mulkin da aka dogara da shi. Daga nan shugaban kwamiti ya tambaya ko akwai sauran suna, in shiru, wani ya kawo shawarar a rufe, a goya masa baya, a rubuta lokacin rufewa. Bayan nan ba a ƙara suna. A misalinmu an tsayar da mutum huɗu, ɗaya ya janye, saura uku.

In mutum ɗaya ne kawai aka tsayar a wata kujera, misali ma'aji, kada a rubuta masa ƙuri'un da ba a jefa ba. A rubuta cewa an buɗe, shi kaɗai aka tsayar, an rufe, an bayyana shi ba hamayya. In kuma tsarin mulkinku ya ce ko mutum ɗaya ne sai an yi ƙuri'ar amincewa, to a yi, a rubuta adadin e da na a'a. Haka nan maganar sasanci da muke yawan yi, dattawa su shiga ɗaki su fito da suna. Ba laifi ba ne, amma sai kowane wanda ya janye ya faɗa da bakinsa a gaban taro an rubuta, in so samu ne ya sa hannu.

Mu zo kan ƙirga. Hanyoyin da muka saba uku ne: ɗaga hannu, ƙato bayan ƙato, da ƙuri'ar takarda a asirce. Kowacce aka zaɓa, a rubuta ta, a rubuta cewa tsarin mulki ne ya tanada ko taro ne ya amince. Ɗaga hannu ya fi sauri amma ya fi saurin kawo gardama, domin hannu yana sauka shaida ta tafi, kuma mutum na iya ɗagawa sau biyu. In dole sai shi, mutum biyu su ƙirga kowa da kansa, lambarsu ta zo ɗaya kafin a ce a sauke. Ƙato bayan ƙato ya fi shi tabbas saboda ba ka tsayawa a layi biyu, sai dai kowa na ganin bayan wanda ka bi, kuma a gari irin namu da kowa ɗan'uwan kowa ne, wannan na hana mutane bin ra'ayinsu. Takarda ce kaɗai ake iya sake ƙirgawa gobe.

A misalinmu takarda aka yi. Kwamiti ya shirya guda 100, ya buga wa kowacce hatimin ƙungiya. Ana kiran suna daga takardar halarta, ana ba mutum ɗaya takarda ɗaya, ana yin alama a gaban sunansa. Mutum uku sun riga sun tafi kafin a zo kansu, don haka aka raba 81, saura 19. Kafin a buɗe akwati, a ƙirga ragowar a gaban kowa a rubuta: an shirya 100, an raba 81, saura 19. Sannan a juye akwatin, a ƙirga takardun a naɗe ba tare da an duba sunan da ke ciki ba. Dole su zama 81, ko ƙasa da haka in wani ya fita da tasa. Ba za su taɓa haura 81 ba sai in an yi aringizo.

Me ya sa nake cewa a ƙirga kafin a buɗe? Saboda a wannan lokacin babu wanda ya san wa ke gaba, kowa zai faɗi gaskiya. Da zarar an san wanda ya ci, ɓangare ɗaya zai ce kuskuren ba komai ba ne, ɗayan ya ce a soke.

Yanzu aka warware. Na farko ya samu 38, na biyu 35, na uku 5, ƙuri'u 3 suka lalace. Ku haɗa da ni: 38 da 35 sun zama 73, da 5 sun zama 78, da 3 sun zama 81. Lissafi ya rufe. Wannan ita ce alamar da za ka gane sakamako mai lafiya, kuma duk wanda ya taɓa zama wakilin jam'iyya a rumfar zaɓe ya san haka fom ɗin INEC mai suna EC8A yake: akwai gurbin waɗanda aka tantance, da takardun da aka ba rumfa, da waɗanda ba a yi amfani da su ba, da waɗanda aka ƙi, da sahihai. Dokar zaɓe ta 2022 ma da adadin waɗanda aka tantance ta auna aringizo. Mu ɗauki wannan tsari mu rage shi daidai ƙungiyarmu.

Ku lura da wani abu a lambobin nan. Tazarar da ke tsakanin na farko da na biyu ƙuri'a 3 ce, waɗanda suka lalace ma 3 ne. Da a ce duka ukun na na biyu ne, da an yi kunnen doki, 38 da 38. Don haka bai isa a rubuta cewa uku sun lalace ba. A ɗaga kowacce a nuna wa wakilan 'yan takara, a rubuta dalili: wannan ba a rubuta komai ba, wannan an rubuta suna biyu, wannan ba ta da hatimi. In wakili bai yarda ba, a rubuta ƙorafinsa da hukuncin da kwamiti ya yanke. Kuma abin da ke lalata ƙuri'a a faɗe shi tun kafin a fara jefawa, kada a bari sai an ga inda ta karkata.

To, da a ce an juye akwati an samu 85 fa? An raba 81, ga 85, guda 4 sun shigo ta bayan gida, kuma 4 ta fi tazarar 3. Ba yadda za a yi a san wa ya ci. A nan ba a cire huɗu da ka, ba a kuma ce a yi haƙuri. A duba hatimi tukuna, in an gano baƙin takardun a ware su a gaban wakilai a rubuta. In ba a gano ba, a rubuta abin da aka gani, a soke wannan zagaye, a sake.

Saura bayyana sakamako, kuma a nan akwai tarkon da mutane da yawa ba sa gani. Wanda ya fi ƙuri'a ba lallai ne ya ci ba, sai an duba abin da tsarin mulki ya ce. In ya ce wanda ya fi kowa yawa, na farko ya ci da 38. Amma in ya ce sai an samu fiye da rabin sahihan ƙuri'u, rabin 78 shi ne 39, ana buƙatar 40, shi kuwa 38 gare shi. Ke nan sai an je zagaye na biyu tsakanin na farko da na biyu, kuma mutum biyar ɗin da suka zaɓi na uku su za su raba gardama. Shi ya sa ake karanta wannan sashe ga taro kafin jefa ƙuri'a, a rubuta cewa an karanta. Haka maganar kunnen doki: a san tun farko ko sakewa za a yi ko wata hanya tsarin mulki ya tanada.

Mu ce tsarinmu na wanda ya fi yawa ne. Shugaban kwamiti shi zai miƙe ya karanta lambobin duka, har da na wanda ya samu 5, sannan ya bayyana. Abin da zai shiga littafi kamar haka ne: waɗanda suka halarta 84, waɗanda suka karɓi takarda 81, sahihai 78, lalatattu 3, wane 38, wane 35, wane 5, bisa sashe kaza na tsarin mulki, shugaban kwamitin zaɓe ya bayyana wane a matsayin zaɓaɓɓen shugaba na wa'adin shekara kaza daga ranar kaza. A rubuta kowace lamba da alƙaluma da kuma kalmomi, domin 38 na iya komawa 88 da ɗan jan biro, amma talatin da takwas ba ta komawa. In an yi kuskure a ja layi ɗaya yadda za a iya karanta na ƙasa, a gyara a gefe, a sa hannu.

Daga nan 'yan kwamiti su sa hannu, wakilan 'yan takara su sa. Wanda ya ƙi, ba a yi masa dole, a rubuta cewa an ba shi ya ƙi, da dalilin da ya bayar. Kowa ya ɗauki hoton takardar da wayarsa nan take, a tura zauren WhatsApp na ƙungiya kafin a tashi. Takardun ƙuri'a kuma, da lalatattun, da ragowar 19 ɗin, da takardar halarta, a zuba a ambulan a manne, a sa hannu a kan bakin, a rubuta wanda aka ba ajiya da tsawon kwanakin da aka ba mai ƙorafi.

Na san halin da muke ciki. Wanda ya taso daga Zurmi ko Shinkafi don taro a Ƙaura hankalinsa na kan hanya, yana so ya koma da sauran rana, kuma yana da gaskiya. Wannan ne ke sa a ture zaɓe zuwa ƙarshe, a yi shi a gurguje, a ce sakatare ya rubuta daga baya. Maganinsa a sa zaɓe a farkon ajanda, jawabai su biyo baya, a kuma zo da takardar sakamako da aka riga aka zana guraben ta tun daga gida. Waɗanda suka kasa zuwa kuwa, in ana so su yi zaɓe ta waya, sai tsarin mulki ya yarda tukuna, kuma a rubuta ƙuri'unsu a gurbi daban da sunayensu. Kada a cusa su cikin adadin waɗanda suka halarta, lissafi ba zai rufe ba.

Wannan takarda ba ta hana sayen ƙuri'a, ba ta gyara rajistar da aka cika da sunayen bogi tun kafin taro. Abin da take yi shi ne ta tsare abin da ya faru a ɗakin yadda ba mai iya sauya shi. Ita banki zai nema kafin ya canza masu sa hannu. In ƙungiyarku na da rajista da hukumar CAC kuma kuka canza amintattu, za a nemi bayanin taron da aka yi hakan. In ta kai ga zama gaban dattawa ko alƙali, ita za a fara tambaya.

Don haka ga aikin da zan bar muku. In kana cikin wata ƙungiya, ka nemi sakatarenku cikin ladabi ya nuna maka shafin zaɓen da ya gabata. Ka duba ko akwai adadin waɗanda suka halarta, da sunayen waɗanda suka tsayar da 'yan takara, sannan ka haɗa lambobin da kanka ka ga ko sun rufe. In ka tarar da layi ɗaya irin wanda na taɓa rubutawa, kada ka yi masa faɗa, ka zauna da shi ku zana takardar zaɓe mai zuwa tare.

Nan za mu dakata a yau. Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, ya kai matafiyanmu gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.